Ta sa hannu, amma ba ta san za ta iya tsayawa ba: nazarin wata takardar neman yarda

Kusan kowace takardar neman yarda da ake miƙa wa mutum kafin a sa shi cikin bincike tana ɗauke da wata jimla da masu bincike suka haddace: "Kina da 'yancin janyewa a duk lokacin da kika ga dama." Jimlar ba sabuwa ba ce. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947, a sashe na tara, sun ce dole a bar mutum ya kawo ƙarshen gwaji idan jikinsa ko zuciyarsa sun kai inda yake ganin ba zai iya ci gaba ba. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964 kuma ta sabunta a 2024, ta ce mutum na iya janye yardarsa a kowane lokaci ba tare da an huce haushi a kansa ba. Saboda haka da wuya ka ga takardar da ta manta da jimlar. Abin da ake mantawa shi ne a tambayi kai: matar da ake yi wa tambaya a kan ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarta, hawaye na zuba, rikoda na aiki, za ta iya amfani da wannan jimla kuwa? In ta yi amfani da ita, masu binciken za su iya cika abin da suka rubuta?

Lamarin da ke tafe misali ne da na tsara daga irin matsalolin da suka saba zuwa gaban kwamitocin ɗa'ar bincike. Ba labarin wata cibiya ba ne, kuma babu sunan kowa a ciki.

Yadda aka tsara binciken

Wasu masu bincike suna son sanin abin da ke taimaka wa matan da suka tsira daga cin zarafi, da kuma abin da ke hana su neman taimako. Suka haɗa kai da wata cibiya da ke kula da irin waɗannan mata, tana ba su magani da shawara kyauta. Tsarin shi ne zama biyu, tsakaninsu mako huɗu. A zama na farko za a cike takardar tambayoyi da ake kira PCL-5, mai tambaya 20 a kan alamomin firgita bayan mummunan tashin hankali a cikin watan da ya wuce, sannan a yi hira ta kimanin awa ɗaya a naɗe ta a rikoda. A zama na biyu a ƙarasa hirar. Ma'aikaciyar cibiyar da ke ba matan shawara ita ce ke gaya musu labarin binciken, ita ce kuma ke karanta musu takardar su sa hannu.

Takardar shafi huɗu ce, amma wuraren da suka haifar da matsala uku ne kawai. Na farko ya ce: "Wasu tambayoyin na iya sa ki ɗan ji ba daɗi." Na biyu ya ce: "Kina iya janyewa a kowane lokaci ta hanyar rubuta wa shugaban bincike, kuma za a cire dukkan bayananki." Na uku ya ce: "Za a ba ki kuɗin mota da na ɓata lokaci bayan kin kammala zama na biyu." Kwamiti ya duba ya amince, domin in ka bi jerin abubuwan da ake buƙata a takarda ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɓace. An ambaci haɗari, an ambaci janyewa, an ambaci biya.

Abin da ya faru a ɗakin hira

Wata mata ta zo zama na farko. Tambayoyin takarda ta amsa su ba tangarɗa. Da aka shiga hira, mai hirar ta ce ta ba ta labarin daren da abin ya faru. Matar ta fara, ta yi nisa kaɗan, sai muryarta ta sarƙe. Ta damƙe gefen kujera da hannu biyu, ta kafa wa ɗan jan hasken rikodar ido. Mai hirar ta miƙa mata ruwa ta ce, "Sannu Malama, ki yi haƙuri. Mu ci gaba?" Matar ta ce, "Ba komai, ci gaba kawai." Aka ci gaba har ƙarshe. Mai hirar ta rubuta a rahotonta cewa matar ta ɗan yi kuka amma ta amince a ci gaba. Bayan mako huɗu ta dawo zama na biyu, aka gama, aka biya ta.

Sai bayan wata huɗu ta gaya wa mai ba ta shawara abin da ke ranta. Ta ce tun a tsakiyar hirar farko ta so ta tashi, amma tana ganin tunda ta sa hannu magana ta ƙare. Ta ce tana jin nauyin mai ba ta shawarar, wadda ta ɗauki lokaci tana ɗawainiya da ita, kuma ita ce ta kawo mata takardar. Ta ce ta lissafa cewa in ta fasa, kuɗin motar da ta riga ta kashe ya tafi ke nan. Sannan ta roƙi a goge duk abin da ta faɗa, domin akwai wani bayani a ciki da take tsoron in ya fita za a gane ta.

Da roƙon ya isa wurin masu binciken, sai ya bayyana cewa alkawarin da suka rubuta ya fi ƙarfinsu. Sautin hirar da rubutaccen kwafinsa suna nan, ana iya goge su. Amma amsoshinta na tambayoyi 20 ɗin an riga an zuba su cikin na sauran mata, an kuma lalata takardar da ke haɗa suna da lamba, kamar yadda tsarin kare sirri ya tanada, don haka babu mai iya nuna layin da yake nata. Abin da ya fi ciwo, an riga an ɗauko jimla biyu daga maganarta, ba suna, an karanta su a wani taron masana.

Babu wanda ya yi mugun nufi a nan. Amma an yi wa matar alkawarin da ba a cika ba, kuma ga wadda aka taɓa ƙwace wa iko a kan jikinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jimlar da ta raina ciwon, da gyaran da ya wuce gona da iri

"Ki ɗan ji ba daɗi" ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma ba ta gaya wa matar abin da take buƙata don ta yanke shawara ba. Ba ta san za a nemi ta ba da labarin daren dalla-dalla ba. Ta ɗauka za a tambaye ta yadda cibiyar ke kula da ita. Mutum ba zai iya auna ko zai jure abu ba alhali ba a gaya masa mene ne abin ba, kuma babu wanda ya fi ta sanin tambayar da za ta fama mata ciwo.

Da maganar ta koma kwamiti, hankalin mambobi ya tashi, suka yi abin da kwamitoci da yawa ke yi idan sun tsorata. Suka sa a canza jimlar ta koma: "Wannan hira na iya dawo miki da tashin hankalin da kika shiga, ta kuma jawo miki mummunar illa a ƙwaƙwalwa." Suka kuma kafa doka cewa duk matar da ta fara kuka, mai hira ta kashe rikoda ta rufe zaman nan take.

A ganina wannan gyara kuskure ne na biyu, kuma ba a daɗe ba ya nuna kansa. Wata mata ta zo, tana cikin labarinta hawaye suka zubo, mai hira ta kashe rikoda ta ce sai haƙuri, doka ce. Matar ta ce, "Malama, ai ban gama ba. Shekara nawa ba wanda ya tsaya ya ji ni, yau na fara kuma ki ce in yi shiru?" Ta fita ranta a ɓace, kuma ba tambayoyin ne suka ɓata mata rai ba. Ta farko an ci gaba da ita alhali tana son tsayawa. Ta biyu an tsayar da ita alhali tana son ci gaba. A duka biyun wani ne ya yanke hukunci a madadin mai labarin.

Abin da bincike ya nuna a kan wannan bai goyi bayan jimlar tsoratarwa ba. A 2015 Anna Jaffe da David DiLillo da abokan aikinsu sun tattara sakamakon rukuni 70 na mahalarta binciken tashin hankali, mutum sama da dubu 70, suka duba yadda suka ji bayan an yi musu tambayoyi. Suka ga cewa damuwar da ake ji nan take yawanci kaɗan ce zuwa matsakaiciya. Ta fi yawa ga waɗanda suka taɓa shiga tashin hankali ko suke da alamomin firgita, musamman idan hira ce ta baki da baki maimakon cike takarda. Duk da haka, galibin mahalarta sun ɗauki shigarsu a matsayin abu mai kyau, ba su kuma yi nadama ba. Tun a 2006 Kathryn Becker-Blease da Jennifer Freyd sun ja hankali cewa ƙin tambaya ma yana da nasa lahani, domin yana ƙarfafa shirun da masu cin zarafi ke fakewa da shi. Akwai kuma gwajin da Payton Jones da Benjamin Bellet da Richard McNally suka wallafa a 2020 a kan gargaɗin da ake sawa kafin rubutu mai tayar da hankali. Sun gwada shi a kan mutanen da suka tsira daga tashin hankali, suka ga bai rage musu damuwa ba, sai ma ya ƙara musu ganin abin da ya same su a matsayin ginshiƙin rayuwarsu. Gargaɗin karatu da takardar neman yarda ba abu ɗaya ba ne, amma ya isa ya sa mai rubuta takarda ya yi hattara da gaya wa mutum cewa shi mai saurin karyewa ne.

Kada a ɗauki wannan a matsayin lasisi. "Galibi" ba "kowa" ba ne, kuma wannan binciken na cikin nau'in da ya fi nauyi: hira ce ta baki da baki, da matan da da yawansu har yanzu suna fama. Abin da ya dace shi ne a faɗi gaskiya daidai girmanta. Ga yadda sashen ya koma a rubutu na uku:

"Za mu tambaye ki abin da ya same ki, da yadda kike barci da tunani tun daga lokacin, da wuraren da kika nemi taimako. Ba sai kin ba da labarin dalla-dalla ba, ke za ki zaɓi iya inda za ki kai. Wasu matan suna kuka ko su ji zuciyarsu ta yi nauyi a lokacin hirar, wasu kuma tunanin yakan dawo musu na kwana ɗaya ko biyu bayanta. Wasu sukan ce sun ji sauƙi da suka yi magana. Ba za mu iya sanin yadda ke za ki ji ba. In kina so, za mu nuna miki jerin tambayoyin kafin ki yanke shawara."

Sashen ya ambaci batutuwan da sunansu, ya faɗi yadda damuwar take kama da tsawon lokacin da takan ɗauka, bai yi alkawarin waraka ba, domin hira ba magani ba ce, kuma bai kamata mace ta shiga tana zaton jinya ake yi mata ba. Bayansa aka sa sunan wurin da za ta samu mai saurarenta a ranar da kuma washegari, bayan an tabbatar wurin yana aiki kuma ya san za a turo masa mutane. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 a kan binciken cin zarafin mata a gida, da na 2007 a kan cin zarafi ta hanyar lalata a wuraren rikici da bala'i, duka sun nace cewa sai an tanadi inda za a tura mai buƙatar taimako kafin a fara yi wa kowa tambaya. An kuma ƙara jimla guda a kan iyakar sirri, cewa in ta faɗi abin da ke nuna ranta ko na wani yaro na cikin haɗari, mai hira za ta nemi taimako, kuma za ta gaya mata kafin ta yi hakan. Wannan dole ya zo tun farko, ba bayan ta riga ta buɗe baki ba.

Janyewa ba abu ɗaya ba ce

A nan ne aikin ya fi yawa. Tsohuwar takarda ta ba matar zaɓi biyu kacal: ko ta jure har ƙarshe, ko ta watsar da komai ta hanyar rubuta wa wani babba da ba ta taɓa gani ba. Mace mai kunya, mai jin nauyin waɗanda suka taimake ta, kusan kullum na farkon za ta ɗauka. Alhali abin da take so a tsakiyar hirar ƙila bai wuce ta tsallake tambaya ɗaya ba, ko ta huta na minti biyar. Da an ba ta ƙananan ƙofofi, da ba ta tsaya tana kallon babbar da ta san ba za ta iya buɗewa ba.

Sabon rubutun ya rarrabe su. "Kina iya ƙin amsa kowace tambaya, ki ce mu wuce kawai. Kina iya cewa a huta, ko a kashe rikoda mu ci gaba ba naɗi. Kina iya tsayar da hirar yau ki dawo wata rana, ko ki tsayar da ita gaba ɗaya. Ba sai kin faɗi dalili ba, kuma ba wanda zai tambaye ki. In magana ta yi miki wuya, ɗaga hannu ya isa." Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Mutumin da tsoro ya kama sau da yawa harshensa ne ke fara ɗaurewa, kuma 'yancin da sai an furta shi da cikakkiyar jimla ba zai amfani wadda ta kasa magana ba. Aka kuma umarci masu hira su gwada shi da ita kafin a fara, da wata tambaya marar nauyi: "Bari mu gwada, zan tambaye ki wani abu, ke kuma ki ce mu wuce." Wadda ta taɓa faɗin kalmar sau ɗaya ta ga ba abin da ya faru, za ta fi iya faɗinta lokacin da take buƙata.

Sharaɗin rubuta wasiƙa an cire shi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, tana da wata ƙa'ida a sashe na 7 da ta dace a ara ko a inda dokar ba ta aiki: janye yarda ya zama da sauƙi kamar ba da ita. In da baki aka karɓi yardarta a ɗaki, to da baki za ta iya janyewa, ga mai hira, ko ta waya ga wani da ba ya cikin masu kula da ita.

Maganar kuɗi ma an gyara. Biya a ƙarshen zama na biyu yana nufin duk wadda ta tsaya a tsakiya ta yi asara, ko da takarda ta rantse cewa janyewa ba ta da hukunci. Jagororin ƙasa da ƙasa na 2016 na CIOMS, wato majalisar ƙungiyoyin kimiyyar likitanci ta duniya, sun ce wanda ya janye a biya shi gwargwadon abin da ya riga ya yi. Masu binciken suka zarce haka kaɗan: a biya kuɗin kowane zama a farkonsa, kafin a kunna rikoda, a kuma rubuta cewa kuɗin nata ne ko da tambaya ɗaya ta amsa.

Sai batun wadda ke karɓar yardar. Sanarwar Helsinki ta yi gargaɗi a kan neman yardar mutumin da ya dogara da mai nema, ta ce a irin wannan hali wani ƙwararre da ba ya cikin dangantakar ne ya kamata ya nema. Mai ba da shawarar ba ta matsa wa kowa ba, amma kasancewarta kaɗai matsi ne. Aka mayar da aikinta ya tsaya a sanar da mata cewa akwai bincike. Wata dabam ke karanta takarda, kuma aka rubuta a fili: "Ko kin shiga ko ba ki shiga ba, ko kin fara kin fasa, maganinki da shawarar da ake ba ki ba za su canza ba. Mai ba ki shawara ba za ta san abin da kika zaɓa ba sai in ke kika gaya mata." Jimla ta biyu ita ke sa a yarda da ta farko, kuma ba a rubuta ta ba sai da aka sauya tsarin ajiye sunaye don ta zama gaskiya.

Abin da ba a iya dawo da shi

"Za a cire dukkan bayananki" jimla ce mai daɗin ji da kusan babu binciken da zai iya cika ta har abada. Da zarar an raba suna da amsa an lalata mahaɗin, ba a iya gano na mutum ɗaya. Da zarar an wallafa, ya fita hannu. Wannan ba laifi ba ne a kansa, kuma raba suna da amsa kariya ce ga matan. Ofishin da ke kula da kare mahalarta bincike a Amurka ya fitar da jagora a 2010 da ke cewa mai bincike na iya riƙe bayanan da aka tattara kafin mutum ya janye, ya kuma ba da shawarar a bayyana wa mutum hakan tun wurin neman yarda. Laifin yana wurin yin alkawarin da ya saɓa wa tsarin da kai da kanka ka shimfiɗa.

Masu binciken suka zauna suka bi bayanan mace ɗaya daga bakinta har zuwa wallafa, suka sa rana a kowane mataki, sannan suka rubuta abin da suka gani: "Har zuwa kwana 30 bayan zamanki na ƙarshe, kina iya cewa a goge komai, kuma za a goge. Bayan haka za mu cire sunanki daga amsoshin takarda mu haɗa su da na sauran mata, ba za mu iya gane naki ba, don haka ba za mu iya cire shi ba. Sautin muryarki da rubutun hirarki kuwa kina iya sa a goge su a kowane lokaci kafin a wallafa. Abin da aka riga aka wallafa ko aka karanta a taro ba za mu iya dawo da shi ba." Aka ware tambaya ta musamman a kan ɗauko maganarta kalma da kalma, ta amsa e ko a'a, kuma a'a ba ta hana ta shiga binciken. Aka kuma mayar da wannan tambaya zuwa ƙarshen hira, domin a farko mace ba ta san abin da za ta faɗa ba, balle ta san ko tana son a maimaita shi a gaban jama'a.

Kwana 30 ba wata ƙa'ida ba ce daga sama. Zaɓi ne tsakanin buƙata biyu masu karo da juna: muddin ana ajiye takardar da ke haɗa suna da lamba, matar na da damar janyewa, amma kuma akwai haɗarin takardar ta faɗa hannun da bai dace ba. Inda mai cin zarafin yana kusa kuma yana nema, gajeren lokaci ya fi aminci. Haka ma kwafin takardar yarda da aka saba ba mutum ya tafi da shi gida: ga wadda ke zaune da wanda ya cuce ta, wannan takarda na iya jawo mata duka. Sai aka ba ta zaɓi, ta karɓa, ko a ajiye mata, ko ta tafi da ɗan ƙaramin kati mai lambar waya kaɗai wanda bai ambaci batun binciken ba.

Matar farko an kira ta, ta hanyar da ta ce ba ta da haɗari, aka gaya mata gaskiya: an goge sauti da rubutu, ba za a sake amfani da jimlolinta biyu ba, an cire su daga duk abin da ba a wallafa ba, amma waɗanda suka ji su a taro sun riga sun ji, kuma amsoshin takarda ba a iya ware su. Aka karanta mata ainihin jimlolin don ta auna da kanta ko za a iya gane ta. Aka ba ta haƙuri ba tare da kare kai ba. Sauran matan da suka sa hannu a tsohuwar takarda su ma aka sanar da su, aka sake neman yardarsu a kan sabon rubutun.

Dokar kashe rikoda kuma aka maye gurbinta. In mace ta fara kuka, mai hira ta dakata, ta ba ta lokaci, sannan ta yi tambayar da ba ta karkata gefe ɗaya ba. "Mu ci gaba?" tambaya ce da mai kunya ba ta da amsarta sai e. Maimakonta sai a ce, "Malama, za mu iya hutawa, ko mu bar wannan tambayar, ko mu tsaya a nan, ko mu ci gaba. Duk wanda kika zaɓa daidai ne. Wanne kike so?" Inda mai hira za ta tsayar da zama da kanta an taƙaita shi ga alamomin da ke nuna matar ba ta cikin halin zaɓa: idanunta sun kafe ba ta jin kira, ta rikice ba ta san inda take ba, tana magana kamar abin yanzu yake faruwa, numfashinta ya sarƙe ya ƙi daidaita, ko ta ambaci niyyar kashe kanta. A nan sai a bar tambaya, a kira sunanta a hankali, a tuna mata inda take da ranar da ake ciki, kada a taɓa ta ba izini, kada kuma a bar ta ta tafi ita kaɗai kafin ta dawo hayyacinta a haɗa ta da mai taimako.

Kwamitin ya ƙara abu biyu don ya san ko sabon rubutun na aiki. Kafin sa hannu, mai karɓar yarda ba za ta ce "kin gane?" ba, sai ta ce matar ta faɗa da bakinta: in kika ji ba kya son wata tambaya me za ki yi, in kika fasa me zai sami maganinki, har zuwa yaushe za ki iya cewa a goge komai. Inda amsa ta kauce, a sake bayani. Sannan kowane wata uku masu binciken su kawo lissafin tambayoyin da aka tsallake, da hutun da aka nema, da zaman da aka tsayar, da waɗanda suka janye, a rarrabe bisa kowace mai hira. In rahoto ya nuna an yi hira da mata da dama a kan irin wannan batu babu ko ɗaya da ta tsallake tambaya ko ta nemi hutu, kwamitin zai saurari wasu daga cikin hirarrakin da aka naɗa, da yardar masu su, ya ji yadda ake gabatar da zaɓin da kuma abin da mai hira ke cewa a daidai lokacin da murya ta fara rawa.